Lamba ɗaya a garuruwa da yawa: yadda lambar yanki ke aiki da yadda za ka cika lambar waya

A ce an miƙo maka katin wani ofishi a Birtaniya, a ƙasansa an rubuta 496 0123, ba ƙari. Ka danna ta a wayarka ta ƙi shiga. Wani ya gwada daga wayar tebur a wani gari ta shiga, amma wanda ya ɗauka bai ma taɓa jin sunan ofishin ba. Ba katin ne ya yi ƙarya ba, wayar ma lafiyarta ƙalau. Rabin lamba aka ba ka, ɗaya rabin kuwa mai katin ya ɗauka kowa ya san shi.

Ita wannan 496 0123 za mu riƙa bi har ƙarshe. Na zaɓe ta ne saboda tana cikin lambobin da Ofcom, hukumar sadarwa ta Birtaniya, ta ware don wasan kwaikwayo, ba ta kowa ba ce, don haka babu wanda za a dama da kira. Kuma don kada magana ta cakuɗe, kowane ɗaya daga 0 zuwa 9 zan kira shi alƙalami, jerinsu gaba ɗaya kuma shi ne lamba.

Me ya sa ake maimaita lamba

Lissafi ne ya tilasta. Alƙaluma bakwai ba za su ba ka fiye da lambobi miliyan 10 ba, daga 000 0000 zuwa 999 9999, kuma ba duka ake iya rabawa ba. A tsarin Amurka da Kanada lambar cikin gari ba ta farawa da 0 ko 1, nan take miliyan 2 sun fita. A cire irin su 411 da 911 da aka keɓe don ayyuka na musamman, abin da ya saura bai kai miliyan 8 ba. Ƙasa mai ɗaruruwan miliyoyin layuka ba ta shiga cikin wannan adadi.

Zaɓi biyu ne ke gaban masu tsara layukan. Ko a tsawaita lambar kowa, ko a yanka ƙasa yanki-yanki, a ba kowane yanki irin wancan tarin lambobi ya raba wa mutanensa daga farko. Na biyun aka fi bi, domin a zamanin yawancin kira na cikin gari ne, kuma na'urorin haɗa kira na ƙarfe ne masu motsi, kowane ƙarin alƙalami ƙarin kayan aiki ne da ƙarin lokaci. Sai abin ya zama kamar lambar gida: akwai gida mai lamba 12 a kusan kowane titi, ba kuma wanda ke ruɗewa muddin an faɗi sunan titin. Lambar yanki ita ce sunan titin. A Manchester akwai 496 0123 a ƙarƙashin 0161, a Birmingham akwai ta a ƙarƙashin 0121, a Leeds a ƙarƙashin 0113, a Glasgow a ƙarƙashin 0141. Layuka huɗu ne daban, babu abin da ya haɗa su sai kamannin wutsiya.

Ƙa'idar ke nan da sauran bayanin ya rataya a kanta: lambar cikin gari a yankinta kaɗai take tilo. Cikakkiyar lamba, wato lambar ƙasa da ta yanki da ta cikin gari a jere, ita ce ba ta da ta biyu a duniya.

Mataki na farko: koyi karanta lamba yadda na'ura ke karanta ta

Kira ba ya tashi daga wayarka ya dira kai tsaye a ta wancan. Yana fara isa cibiyar haɗa kira da layinka yake ƙarƙashinta, ita kuma tana karanta alƙaluman daga hagu zuwa dama, tana yanke hukunci a kan na farko-farko kafin ta kula da na ƙarshe. Hagu shi ne wuri mafi faɗi, dama mafi ƙanƙanta.

Ɗauki cikakkiyar lambar ofishinmu, a ce a Manchester yake:

+44 161 496 0123

44 ita ce Birtaniya. 161 ita ce Manchester da kewayenta. 496 rukuni ne na lambobi dubu 10, wanda a asali yake nuna wata cibiya a cikin yankin. 0123 kuma shi ne layin kansa. Cibiyar da ke wata ƙasa ba ruwanta da 0123, tana ganin 44 ta tura kiran Birtaniya ta wanke hannunta. A can a duba 161 a tura shi Manchester, sai a Manchester ne ake neman sauran.

To idan ka danna 496 0123 ita kaɗai daga wayar tebur a Birmingham fa? Cibiyar ba ta tsayawa tambayarka wane gari kake nufi. Ba ta ga lambar yanki ba, sai ta ɗauka yankin da kake ciki kake nufi, ta haɗa ka da 0121 496 0123. A wurinta babu kuskure ko kaɗan, shi ya sa ba za ka ji wani gargaɗi ba. Wannan ne kuskuren da ya fi ɓata lokaci, domin kiran yana shiga, wani yana ɗauka, kai kuma kana ta zargin mai katin.

Mataki na biyu: raba abin da ke cikin lamba da abin da ke buɗe hanya

Nan ne mutane da yawa ke tuntuɓe, kuma dalilinsa ƙarami ne. Sifilin da ke gaban 0161 ba ya cikin lambar yankin. Umarni ne ga cibiya cewa kiran nan zai fita waje, abin da ke biye lambar yanki ce. Tunda babu lambar cikin gari da ke farawa da sifili a irin wannan tsari, cibiya na jin sifili ta san inda aka dosa. Mutane sun saba rubuta shi manne da lambar yanki har ya zama kamar ɗan gida, amma baƙo ne.

Haka ma 00 da ake dannawa a ƙasashe da yawa kafin lambar wata ƙasa. Shi ma umarni ne, yana cewa kiran zai bar ƙasar ɗungurungum. A Amurka da Kanada 011 ake dannawa a madadinsa. Alamar + a wayar hannu tana tsayawa a madadin ko wanne, wayar ce ke shaida wa kamfanin layi cewa abin da ke biye lambar ƙasa ce, ko'ina kake.

Saboda haka layi ɗaya tak yana da fuska har huɗu, gwargwadon inda mai kira yake tsaye:

- daga wayar tebur a Manchester: 496 0123
- daga wani gari a Birtaniya, ko daga wayar hannu a can: 0161 496 0123
- daga ƙasar da ke fita da 00: 00 44 161 496 0123
- daga Amurka ko Kanada: 011 44 161 496 0123

Lura da abin da ya faru da sifilin a biyun ƙarshe: ya faɗi. Aikinsa fitar da kira daga wani yanki zuwa wani a cikin ƙasa, wanda ya shigo ta 44 kuwa ba ya cikin kowane yanki balle ya fita. Idan ka rubuta +44 0161, wasu kamfanonin layi za su gyara maka a ɓoye, wasu su ce lambar ba daidai ba ce. Akwai masu rubuta +44 (0)161 a kati da nufin taimako. A ganina wannan rubutu ya fi ruɗarwa fiye da taimakawa, domin baƙo zai danna duk abin da ya gani.

Ka kiyayi Italiya. A can sifilin ya riga ya zama cikin lambar wayar tebur, ba a zubar da shi. Lambar Rum tana farawa da 06, daga waje kuma +39 06 ake kira. Wanda ya haddace "a cire sifili" ya ɗauke ta doka ta duniya, a nan zai sha ƙasa.

Mataki na uku: gano inda lambar yanki ta ƙare

Ba kowace ƙasa ke da tsawo ɗaya ba. A Amurka da Kanada abin a sauƙaƙe yake: uku na yanki, bakwai na cikin gari, kullum. A Birtaniya kuwa babban birni yana samun gajeriyar lambar yanki da doguwar lambar cikin gari, ƙaramin gari akasin haka. Landan 020 da alƙaluma takwas, Manchester 0161 da bakwai, Oxford 01865 da shida. Jimillar ɗaya ce, wurin yankan ne ya bambanta. Hikimar a fili take: inda jama'a suka fi yawa, nan ake buƙatar wutsiya mai tsawo.

Landan ta isa misali a kan abin da ke faruwa idan aka yanka a inda ba gaɓa ba. Da can lambarta 01 ce. A 1990 aka raba ta biyu, 071 a tsakiyar birni, 081 a kewaye. A 1995 suka koma 0171 da 0181. A 2000 aka sake haɗe birnin a ƙarƙashin 020, aka ƙara 7 ko 8 a gaban tsofaffin lambobin suka zama masu alƙaluma takwas. Amma idon mutane ya saba da tsohon tsari, har yau za ka ga an rubuta 0207 946 0123 maimakon 020 7946 0123. Idan ka danna ta gaba ɗaya babu matsala, na'ura ba ta ganin tazara. Matsalar tana zuwa ne ga wanda ke cikin Landan ya ce bari ya bar lambar yanki, ya danna 946 0123. Alƙaluma bakwai ya bayar a inda ake jiran takwas, kiran ba zai je ko'ina ba.

Saboda haka kada ka yarda da tazarar da ka gani a kati. Nemi lambar yankin a jerin hukumar sadarwa ta ƙasar, sannan ka ƙirga abin da ya saura ka ga ko ya kai tsawon da ake jira.

Ɗan tarihi, don ya bayyana wata ɗabi'a ta na'ura

Tsarin Amurka da Kanada kamfanin AT&T ne ya fito da shi a 1947, da lambobin yanki 86. Da farko ma'aikatan haɗa kira ne ke amfani da su. Sai a watan Nuwamba na 1951 aka yi kiran farko da mai waya ya juya da kansa zuwa nesa, daga Englewood a jihar New Jersey zuwa Alameda a California. Wayoyin lokacin na juyawa ne: 1 bugu ɗaya ne a kan layi, 9 bugu tara, 0 bugu goma. New York ta samu 212, bugu biyar kacal, Los Angeles 213, Chicago 312, wato biranen da aka fi kira su suka samu lambobin da suka fi saurin juyawa.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne dabarar da ke tsakiyar lambar. Duk lambar yanki ta wancan lokaci alƙalaminta na tsakiya 0 ne ko 1, lambar cikin gari kuwa alƙalaminta na biyu ba ya zama 0 ko 1. Da na'ura ta ji alƙalami na biyu, ta san ko bakwai za ta jira ko goma. Dabarar ta yi aiki shekaru da dama har irin waɗannan lambobi suka ƙare, a 1995 aka fara ba da lambobin yanki masu wani alƙalami a tsakiya, irin su 334 a Alabama. Daga nan alƙaluman kaɗai ba sa nuna bambanci, sai an dogara ga 1 da ake dannawa a gaba, ko kuma a tilasta wa kowa danna goma.

Mataki na huɗu: tabbatar gajeren kira yana aiki a wurin

Yanki yana cika. Idan lambobinsa suka kusa ƙarewa, hanya biyu aka fi bi. Ta farko a tsaga shi, wani ɓangare ya riƙe tsohuwar lamba, ɗaya ya karɓi sabuwa. Haka aka yi wa New York a 1984, aka bar 212 ga Manhattan da Bronx, aka ba Brooklyn da Queens da Staten Island 718. Illar tsagawa ita ce rabin mutane sai sun sake kati da allon shago da duk inda suka rubuta lambarsu. Ta biyu a ɗora sabuwar lambar yanki a kan tsohuwa, wuri ɗaya lambobi biyu ko fiye. Manhattan yau tana da 212 da 646 da 332, ga kuma 917 da ta game birnin duka.

Ɗorawa ba ta taɓa lambar kowa, amma tana rushe zaton da cibiya ke yi. A gini ɗaya ana iya samun 212 555 0123 a hawa na biyu da 646 555 0123 a hawa na uku. "Yankin da kake ciki" ya daina zama amsa ɗaya, dole kowa ya haɗa da lambar yanki ko da maƙwabcinsa zai kira. Wasu ƙasashe sun hutar da kansu tuntuni. Faransa tun 1996 alƙaluma goma ake dannawa a ko'ina cikin ƙasar. Singafo kuwa ba ta da lambar yanki sam, ƙasar ba ta kai girman da za a yanka ta ba.

Wayar hannu ma ba ta da tabbataccen yanki da za a zata mata, tunda yau tana nan gobe tana can. A ƙasashe da yawa an ba ta rukuninta daban wanda bai shafi gari ba, kamar 07 a Birtaniya, kuma daga ita cikakkiyar lamba ake kira ko da ofishin yana tsallaken titi. Wannan ne ya sa 496 0123 ta ƙi shiga a wayarka tun farko. Amurka da Kanada sun bambanta a nan, wayar hannu tana ɗaukar lambar yanki iri ɗaya da ta tebur, ba ka iya bambance su da ido.

Mataki na biyar: cika lambar, ka gwada, ka adana

Mu koma ga katinmu. Ka duba adireshin da ke jiki ka ga Manchester. Ka nemo lambar yankin, 0161. Ka ƙirga alƙaluman katin, bakwai ne, daidai da abin da Manchester ke ɗauka. Da shida ka gani, da ka san ko dai an yar da alƙalami ɗaya wajen bugawa, ko ofishin yana wani gari na kusa mai tasa lambar yankin, domin iyakar yankin waya ba lallai ta bi iyakar gari ba. Ka zubar da sifilin, ka sa +44 a gaba, ka adana +44 161 496 0123. A wannan siffa lambar za ta yi aiki daga wayar hannu a cikin Manchester, a Birmingham, da kuma bayan ka ƙetare teku, ba sai ka sake taɓa ta ba. Sunan wannan tsari E.164, ƙungiyar sadarwa ta duniya ITU ce ta shimfiɗa shi, kuma bai yarda lamba ta wuce alƙaluma 15 ba, ban da alamar +. Idan taka ta wuce haka, akwai abin da ya shiga wanda ba nata ba.

Idan kiran bai yi ba, yadda ya ƙi shi zai nuna maka inda matsalar take. In ka gama dannawa a wayar tebur shiru ya biyo baya na ɗan lokaci kafin ta yanke, cibiya tana jiran ƙarin alƙaluma ne, lambarka ta gaza tsawo. In aka katse ka da sanarwa tun kana tsakiyar dannawa, farkon lambar ne ba a gane ba, duba sifili da 00 da lambar ƙasa. In ta shiga wani daban ya ɗauka, kafin ka ajiye ka tambaye shi wane gari ka kira. Amsarsa sau da yawa ita ke warware komai, domin za ka tarar wutsiyar daidai ce, yankin ne ba shi ba.

Masu tara lambobi a Excel kuma su yi hattara. Manhajar tana ɗaukar lambar waya a matsayin adadi, sai ta cinye sifilin farko, ta kuma zubar da alamar +. Kafin ka fara shigarwa, mayar da gurabun da za ka rubuta lambobin zuwa `Text`. Kada kuma ka tace maimaici da alƙaluma bakwai na ƙarshe kaɗai, domin za ka goge mutumin Leeds da zaton shi ne na Glasgow. Da cikakkiyar lamba ake kwatantawa.

Abin da lambar yanki ba ta gaya maka

Tana gaya maka inda aka fara ba da layin, ba inda mai shi yake yanzu ba. Mutum zai karɓi lambar 312 a Chicago, ya koma wani birni da wayarsa ya yi shekara goma, lambar na nan yadda take. Kamfanonin waya ta intanet suna ba da lambar 020 ga wanda bai taɓa taka Landan ba, kuma halal ne a tsarin. Ga kuma 'yan damfara da ke sauya lambar da ke fitowa a fuskar waya, su sa ta fara da lambar yankinka don ka ɗauka na gida ne. Lambar da ka kira da hannunka ita ce ke bin hanyar da muka bayyana. Wadda ta fito maka a fuska kuwa, abin da ɓangaren mai kira ya aiko ne kawai.

Lambar ƙasa ma wani lokaci ba ƙasa ɗaya take nufi ba. +7 ta Rasha ce da Kazakistan. +1 ta haɗa Amurka da Kanada da tsibirai da dama na Karibiyan, kuma lambar yanki ce kaɗai ke raba su: 416 Toronto ce, 876 Jamaika ce. Wanda ke Amurka zai ga kiran da ya rasa daga 876, alƙaluma goma cif kamar na maƙwabciyar jiha, ya mayar da kiran, alhali kuɗin kiran ƙasar waje za a caje shi. Idan lamba ta fara da +1, duba alƙaluma ukun da ke biye kafin ka danna kira.